Tamfilet ɗin PyQt da na saya: kyau a hoto, amma ka ja windo ka gani

Gaskiya ranar da na sauke tamfilet ɗin nan na ji daɗi, launuka sun zauna, teburin kaya ya fito tsaf kamar yadda mai sayarwa ya nuna a hoto, har na fara tallata shi ga abokan aiki. Sati ɗaya ina ɗora aikina a kai ban ga komai ba saboda kullum a cike da sikirin nake buɗe shi.

Sai ranar da zan nuna wa mai aikin. Mutumin nan ya kama gefen windo ya rage ta don ya buɗe wata takarda a gefe, kawai sai maballin Nema ya taso ya hau kan akwatin rubutu, yana rubuta sunan kaya ƙarshen rubutun na shigewa ƙarƙashin maballi. Ya ce "Malam haka abin yake?" Wallahi kunya ta kama ni.

Da na koma na buɗe kod ɗin sai ga dalili ƙiri-ƙiri. Babu leyawut ko ɗaya, komai an kafa shi da lamba:

```python
self.akwati.setGeometry(20, 20, 600, 30)

def resizeEvent(self, e):
    self.nema.move(self.width() - 120, 20)
```

Ku lissafa da kanku. Akwatin ya fara daga 20, faɗinsa 600, wato ya ƙare a 620 kuma ba ya motsi ko me za a yi wa windo. Shi kuma maballin yana bin gefen dama. Idan faɗin windo 800 ne yana zaune a 680, lafiya lau, shi ya sa hoton talla ya yi kyau. Da zarar faɗin ya sauka ƙasa da 740 sun fara haɗuwa, a 640 maballin ya dawo 520, ya shige cikin akwatin da fiksel 100 cur. In kuma ka buɗe windon sosai akwatin na nan a 600 ɗinsa, fili ya yi ta zama a banza a tsakaninsu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda ya rubuta ya san matsalar, tunda har ya zauna ya yi wa maballi ɗaya dabara da hannu ya bar sauran.

Gyaran sahun nan layi uku ne:

```python
sahu = QHBoxLayout()
sahu.addWidget(self.akwati, 1)
sahu.addWidget(self.nema)
```

Wannan 1 ɗin shi ke cewa duk filin da ya ƙaru ko ya ragu akwatin ne zai ɗauka, maballi ya tsaya a girman da rubutunsa ke buƙata. Sai na saka sahun da teburin cikin QVBoxLayout, na ɗora shi kan wani QWidget, na ba shi setCentralWidget, don QMainWindow ba ya karɓar setLayout kai tsaye, gargaɗi zai ba ka cewa yana da nasa. Kuma dole ka goge resizeEvent ɗin can, in ka bar shi zai ci gaba da ture maballin daga inda leyawut ya ajiye shi. Abin da ya burge ni, yanzu windon da kanta take ƙin raguwa idan ta kai mafi ƙanƙantar girman da kayan cikinta za su iya zama, ban rubuta ko lamba ɗaya ba. Wani abokina mai WPF ya ce su ma haka suke fama da masu zuba komai a Canvas ko su cika Margin da manyan lambobi maimakon Grid mai Auto da *.

A nan na ɗan huce, na ce to ai launuka da tsarin teburin sun biya kuɗinsu. Sai na shiga shafi na biyu. Na saka leyawut, windo ta ƙi raguwa gaba ɗaya, ashe wani dogon QLabel ne na bayani a layi ɗaya ya tokare ta, sai da na sa masa setWordWrap(True). Bayan shi kuma setFixedSize a kan kusan kowane maballi, ka canza rubutu zuwa mai ɗan tsawo sai ya yanke. Shafi shida, kwana uku na yi ina tsince su ɗaya bayan ɗaya, na tura wa mai sayarwa saƙo ya ce wai in kulle girman windon kawai. Wannan amsar ce ta sa na ba shi tauraro biyu, kuma don launukan ne.