Excel ko Power BI don allon ƙididdigar ƙaramin asibiti?

"Salama alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti nan Zinder. Majo yana son ya riƙa ganin yawan marasa lafiya da tsawon jiransu kowane wata, da zane da maɓallan tacewa. Excel zan kama ko Power BI?"

Wa alaikumus salam Malama. Kama Excel.

Shekara uku ke nan ina riƙe da irin wannan allo a asibitinmu, a kan tsohuwar ordinatar da ko intanet ba ta cika gani ba. Ba na manta ranar da na fara nuna wa majonmu. Ya danna maɓallin Litinin da hannunsa, zanen jira ya miƙe sama, ya danna Laraba ya sauko. Ya yi shiru, can ya ce a ƙara mutum guda wurin rajista kowace safiyar Litinin. Mun daɗe muna faɗa masa da baki bai ɗauka ba. Da damina kuwa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana bencina da yara a Agusta da Satumba, da wannan allon muke tsara hutun ma'aikata.

Power BI ma na gwada. Zanensa ya fi kyau, kuma yana fitar da jira na tsakiya kai tsaye, wato wanda ke faɗowa tsakiya idan an jera jiran daga ƙarami zuwa babba, abin da teburin Excel na yau da kullum ba ya yi. Amma ya yi wa na'urata nauyi, kuma raba rahoto da wani yana buƙatar lasisin da ake biya wata-wata. Na cire shi.

Ga inda aikin yake. Layi ɗaya, zuwa ɗaya: kwanan wata a A, sashe a B, lokacin isowa a C, lokacin shiga wurin likita a D. Kada ki sa sunan kowa. Ki danna Ctrl+L ya zama tebur, don sababbin layuka su riƙa shiga lissafi da kansu. A E ki rubuta wannan, idan Excel ɗinki na Faransanci ne kamar yawancin namu:

```
=SI(D2="";"";MOD(D2-C2;1)*1440)
```

Excel yana ɗaukar yini guda a matsayin 1, shi ya sa ake ninkawa da 1440, mintocin yini. Wadda ta iso 08:15 ta shiga 09:40 za ta ba ki 85. MOD ɗin saboda masu zuwa da dare ne: 23:30 zuwa 00:20 zai ba da 50, ba lamba ƙasa da sifili ba. Shi kuma SI, da wuya na koye shi. Wata uwa ta iso 08:15, ta gaji ta tafi ba a duba ɗanta ba, D ya zauna fanko, sai lissafi ya ce ta jira minti 945. Layi ɗaya irin wannan ya isa ya ɓata matsakaicin wata.

Ki ja kunnen mai shigar da bayanai ya rubuta 08:15, kada ya rubuta 8h15 yadda muka saba a takarda. Excel rubutu yake ganinsa, sai #VALEUR! ya fito. Alamarsa a fili take: lokaci na gaskiya yana jingina dama a cikin gidansa, rubutu yana jingina hagu.

Daga nan ki fitar da Tableau croisé dynamique, wato teburin da ke tattara lissafi a taƙaice, guda biyu daga wannan tebur ɗin, ɗaya na ƙirga zuwa, ɗaya na jira. A na jiran ki canja zuwa Moyenne da hannunki, don shi Somme ko Nombre yake zaɓa. Wurin tara kwanaki ki zaɓi Mois da Années tare, in ba haka ba Janairun bana da na bara za su haɗe. Kowanne ki yi masa zane, ki saka Segment na sashe, wato maɓallan tacewa, sannan ki danna wa Segment ɗin dama ki shiga Connexions de rapport ki yi wa teburan biyu alama. Idan kin danna maɓalli zane ɗaya ya motsa ɗayan ya tsaya, nan ne kika tsallake. Maɓallin ranakun mako yana buƙatar ƙarin shafi: =TEXTE(A2;"jjjj"). Kuma bayan kowace shigarwa, Actualiser tout.

Abu ɗaya ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sa manhaja a kasuwa. Wani ya karɓi jika biyar wurina ya rantse lasisin har abada ne, ba a yi wata biyu ba ya kulle, ina tsakiyar rahoto. Wasu kuma 2007 suke sa wa mutane, alhali Segment sai daga 2010 ya fara. Kafin ki ba da ko dala, ki buɗe Fichier, ki shiga Compte a gabansa, ki ga shekarar da ko an kunna shi, sannan ki duba Insertion ki tabbatar Segment na nan.