Sharhi: sitidiyon da na kai littafina a mayar da shi na saurare

Mutane da yawa sun tambaye ni yadda aikin ya kaya, to ga shi. Sitidiyo ne a nan Kano, ba zan kama suna ba, asalin aikinsu waƙa da tallan rediyo. Littafin nawa kalma dubu 62 ne, babi 28, kuma su suka kawo wadda za ta karanta.

Muryar yarinyar kam ba a magana, tas take fita, Hausarta ba gargada. Amma babin gwaji da aka turo min kamar ana korarta, babi mai kalma 2,200 ta cinye shi a minti 13, wajen kalma 170 kenan a minti, irin gudun masu karanta talla da ake biya da sakan. Wurin da uwa ke yi wa ɗiyarta nasiha daren kai amarya, da wurin da ake ciniki a kasuwa, duk taki ɗaya. Na ce a sake, ta sauko wajen 145, babin ya koma minti 15, nan ne labarin ya fara numfashi. Injiniyan ya so ya ja muryar da kwamfuta ya rage gudun wai don kar a ɓata lokaci, na ce a'a Malam, ai ba a kalmomin matsalar take ba, a shirun da ke tsakaninsu take, in mai magana ya canza a ɗan tsaya, in fage ya canza a yi shiru kamar sakan biyu, kwamfuta kuwa komai za ta ja bai ɗaya har muryar ta koma ta mai jin barci.

Abin da suka burge ni da shi, sun sa na gyara rubutun kafin a kunna makirfo. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, gari na tuwo da gari na zama duk iri ɗaya ne a takarda, haka fari, haka kai, mai karatu da ido ya koma baya ya gane, mai saurare kuwa abin da aka furta shi ya shiga kunnensa. Sai na bi na ja layi a irin waɗannan, alƙaluma na rubuta su da kalmomi, taurarin nan da muke raba fage da su na sa alamar shiru a madadinsu, hirar da ta yi tsawo ba a san wa ke magana ba na ƙara "in ji Hajiya" nan da can.

Inda muka kai ruwa rana shi ne ƙa'idar fayil. Na ba su sharuɗɗan ACX, wato ƙofar da ake bi a shiga Audible, kasuwar littattafan saurare ta intanet. Mazauna Amurka, Birtaniya, Kanada da Ayalan kaɗai ke buɗe asusu a can, amma ni ma'auninsu na ɗauka don in aiki ya haye shi da wuya a ƙi shi wani wuri. MP3 ne mai 192 kbps ko sama, 44.1 kHz, ƙarfin murya wato RMS tsakanin -23 da -18 dB, ƙololuwa kar ta wuce -3, tsumar ɗaki, wato 'yar ƙarar da makirfo ke ɗauka in an yi shiru, ƙasa da -60. Da na buɗe fayil ɗinsu a manhajar gyaran sauti ta Audacity na auna da ma'auninta na ACX Check, RMS ya ba ni -14, ƙololuwa dab da sifili, sun matse shi yadda suke matse waƙa don ta yi amo a sifika. A kunne ma ana ganewa, minti goma da iyafis ka fara jin kanka ya yi nauyi. Babi huɗu kuma tsumarsu -52, ashe ranar an ɗauke wuta aka ta da janareto, in ka ƙure murya a wurin shiru za ka ji gurnaninsa can ƙasa. Gogewa da manhaja ta sa muryar ta koma kamar daga cikin randa, dole aka sake ɗaukar huɗun nan, kuma gaskiya ba su karɓi ƙarin ko kwabo ba.

Rabon fayil sun yi shi daidai tun karon farko. Kowane babi da fayil ɗinsa, a farkonsa a faɗi "Babi na ɗaya", ɗan shirun ɗaki a kai da ƙarshe kar ya haura sakan biyar, gabatarwar suna daban, rufewa daban, sai samfuri da bai wuce minti biyar ba. Sunayen ma da sifili suka fara, 01, 02, don kar babi na 10 ya tsallako gaban na 2 a waya.

Gaba ɗaya ya tashi awa bakwai da 'yan mintoci. Zan koma wajensu da littafi na gaba, amma alƙaluman nan a takardar yarjejeniya za su shiga, kuma ba za a ɗauki babi na biyu ba sai na auna na farko da kaina.