Kuros-linkin ko lens, wanne ya kamata a fara yi wa mai keratokonas?

"Salam 'yan uwa, ƙanina ɗan shekara 17 an ce yana da keratokonas. Wani likita ya ce a yi masa kuros-linkin, wani kuma ya ce lens mai tauri. Kmax ɗinsa ya tashi daga 49 zuwa 51 cikin wata takwas, kaurin koniya kuma 455. Don Allah wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Likitocin nan biyu ba saɓani suka yi ba fa, kowanne abin da yake gyarawa daban ne.

Koniya ita ce fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido daga gaba, kaurinta a lafiyayyen ido wajen maikron 540 ne, wato rabin milimita da ɗan ɗoriya. Zaren kolajin ne a cikinta a jere hawa-hawa, to idan ɗaurin da ke tsakanin zaren nan ya yi rauni sai wurin ya riƙa sirancewa, ruwan cikin ido kuma yana tura shi waje a hankali har ya yi tsini, galibi ɗan ƙasa da tsakiya, wannan shi ne keratokonas. Shi ya sa yaro zai ce yana ganin fitila ɗaya ta rabu gida uku da jela, a canza masa gilashi yau bayan wata shida ya ce bai yi ba. Akwai gado a ciki, amma abin da ni ya fi damuna murza ido ne, musamman masu ƙaiƙayin alaji da suke sa gaɓar yatsa su danna sosai. A yi maganin ƙaiƙayin, ya daina murzawa kwata-kwata.

Shi kuros-linkin aikinsa tsayar da ciwon. A salon asali da aka fara a Dresden ta Jamus, ana ɗiga maganin kashe zafi, a kankare fatar sama ta koniya faɗin milimita 8 zuwa 9, a yi ta ɗiga ribofilabin wato bitamin B2 na minti 30, sannan a haska hasken UVA na wasu minti 30, yanzu akwai salon da ya fi haka sauri. Haɗuwar hasken da maganin ce take ƙulla sabon ɗauri tsakanin zaren, koniya ta yi ƙarfi. Kwana biyu zuwa uku na farko akwai zafi da hawaye ba wasa, gani ma yakan ɗan yi hazo na makonni. Kuma kada ku sa ran zai fito yana gani tar, tsinin da ya riga ya yi yana nan, sai dai ya ɗan kwanta a wasu.

Lens kuwa gani yake gyarawa, ba ya taɓa ciwon ko kaɗan. Mai taurin ƙarami, wajen milimita 9, yana zama kan koniya, hawaye ya cike gurbin da ke tsakani sai haske ya samu sumul ɗin fuska ya shiga. Matsalarsa in tsinin ya yi yawa yakan zame ko ya riƙa gogar ƙololuwar har ya bar tabo. Babban kuma da ake kira sikileral ya kai milimita 15 zuwa sama, a kan farin ido yake zama ya tsallake koniya gaba ɗaya, ana cika shi da ruwan gishiri na asibiti kafin a saka. Ya fi daɗin sawa, sai dai yana son koyo da tsafta. Na sha ganin wanda ba ya karanta komai a allon gwaji da gilashi, ana saka masa sikileral ya karanto har layukan ƙasa, to daɗin nan ne yake yaudarar mutane su daina zuwa awo alhali ciwon yana ci gaba a ƙarƙashin lens ɗin.

Lambobin ƙaninki kuwa sun yi magana. Kmax awon wurin da ya fi tsini ne a koniya, ma'auninsa kuma dayofta. Ƙarin dayofta 1 a Kmax cikin shekara ya isa a ce ciwon yana tafiya, shi ya ƙara 2 a wata takwas, kuma a shekara 17 ne ya fi gudu, sai wajen shekara 30 zuwa 40 yake lafawa. Ana son kauri ya kai aƙalla maikron 400 bayan an cire fatar sama, don kada hasken ya lalata ƙwayoyin da ke can cikin koniya, ita fatar saman kuma tana cin kusan 50. In kin cire daga 455 saura 405, kin ga yana bakin iyaka ke nan. In aka ɓata shekara guda ana gwada lens zai iya faɗawa ƙasa, a koma dabarun kumbura koniya kafin a haska, in kuma tabo ya shiga tsakiya a fara zancen dashen koniya.

Ni dai da ƙanina ne kuros-linkin zan fara, in ido ya warke siffarsa ta daidaita bayan 'yan watanni sai a auna masa lens. Ku tambaya ko 455 ɗin a wurin da ya fi siranta aka auna, a kuma ɗauki taswirar ɗaya idon ma don ciwon yawanci ido biyu yake kamawa. In kuwa wata rana idon ya yi fari fat farat ɗaya da zafi, ruwa ne ya ɓalle cikin koniya, a kai shi wurin likitan ido ba tare da jira ba.