Bas mai lamba 36 ta kai ni inda ban nufa ba

'Yan uwa, sati uku da saukata Landan aka gayyace ni suna a Queen's Park, ni kuma ina zaune a Peckham. Mai masaukina ya tafi aiki, abin da ya ce min kawai shi ne in hau 36. Na fito da babbar riga, na ga 36 ta taho, na daga hannu, na dora kati na shige. Nan ba a karbar tsabar kudi a bas tun 2014.

Ba a jima ba motar ta tsaya, kowa ya sauka, direba ya leko ya ce nan ne karshe. New Cross Gate! Ashe baya na yi. Hannun hagu suke tuki, ni kuwa kafata ta kai ni gefen titin da zan tsaya da a Kano nake. Wata tsohuwa ta ga ina zare ido, ta ja ni gaban taswirar da ke manne a rumfar jira, wadda dazu na wuce irinta ko kallo ban yi ba. Da gemuna, aka zaunar da ni karatun allo.

Tsakiyar taswirar ce kadai ke nuna titunan unguwar yadda suke, kuma kowace matsaya da harafinta cikin jan da'ira. Wannan harafin ne a saman sandar da ke bakin titi. Layukan da suka fita daga tsakiyar, kowace lamba da launinta, jerin unguwanni kawai suke nunawa. Ba sa nuna nisa. Na ga Queen's Park kamar taku biyu, alhali sai an bi Camberwell, an haye kogin Thames a Vauxhall, an wuce Victoria da Paddington, tafiyar fiye da awa guda. Akwai kuma jerin sunayen wurare: ka nemo inda za ka, ya ba ka lambar bas da harafin da za ka tsaya. Kafin ka hau, ka duba abin da aka rubuta bayan kalmar "towards", wato "zuwa", a jikin sandar, da sunan da ke goshin motar. Lamba daya ce ke zuwa take dawowa, sunan ne ke canzawa.

Da na sake dora katin ba a cire min ko kwabo ba, don awa guda ba ta cika da hawan farko ba. Da a gida ne, kwandasta sai ya karbi kudinsa sau biyu, ya hada da dariya. Mu ma da laifinmu, ko allo aka kafa ba ma karantawa, sai dai "Malam, ina ta nufa?"

Amma wallahi na yi kewar mai rataye a kofa yana "Bata! Bata! Saura mutum daya!" Da shi ne, ai tun ban sa kafa ba zai ce, "Alhaji, tsallaka can." Na isa an riga an rada suna, tuwon ma ya huce.