Bashin gidan lamuni ya zo mini bayan Sallah, adashi kuma da nashi ciwon

Duk telan da ke son ƙara keke a Maraɗi, ya fara tambayar ranar da kuɗi za su shiga hannunsa kafin ya tambayi kuɗin ruwa. Ni keken sirfani nake so na jika 300, don in daina kai aikin wuyan shadda wajen wasu. Na kai takarduna wani gidan lamuni tun kafin azumi, da mai tsaya mini. Suka zo suka duba shago, suka ce in jira zaman kwamiti. Wallahi har aka sha ruwan ƙarshe kwamiti bai zauna ba. Kuɗi suka fito bayan ƙaramar Sallah, lokacin da kowa ya riga ya sa sabon kayansa.

Kuma ba 300 ɗin aka ba ni ba. Sun riƙe jika 30 ajiyar garanti sai na gama biya, jika 10 kuma kuɗin takardu da inshora. 260 na ƙirga, sai da na nemo cikon 40 wajen yayana. Biya kuwa jika 33 kowane wata har wata 10, an lissafa ruwan a kan 300 cif, har da kuɗin da ke kwance a wajensu. Babbar Sallah ta ɗan rufa asiri, amma da damina ta kankama mutane suka koma gona, wutar Nijelek tana yawan ɗaukewa, keke a rufe, ranar biya kuwa ba ta matsawa.

Shi ya sa bana na koma adashinmu na teloli: mutum 12, zubin jika 25 a wata, kwasa 300, babu ruwa, babu takarda. Na roƙi Hajiya uwar adashi ta sa kwasata wata biyu kafin azumi, ta ce "Malam, Allah ya kai mu," aka yi musaya da wani. Wannan sauƙin babu shi a gidan lamuni.

Sai dai ba zan ɓoye ba, nan ma raina ya ɓaci. Wani da ya kwasa da wuri ya tafi ci-rani, zubinsa ya tsaya, na karɓi 275, sauran sai alkawari. Alamar tana nan tun farko, don kullum zubinsa sai an bi shi. Gidan lamuni duk da haushinsu sun mayar mini da garantina ba musu, kuma kuɗinsu sukan zo tun ba ka tara komai ba, alhali na ƙarshe a adashi shekara guda yake jira.

Keke na gaba dai da adashi zan saya, amma sai an yarda sabon shiga ya kwasa a ƙarshe.