Tsofaffin tambayoyi, littafi ko bidiyo: yadda za ki raba lokacinki kafin JAMB

Tambayar ƙanwarmu: "Saura mini kamar wata uku in zana JAMB, likitanci nake nema. Ina da littafin tsofaffin tambayoyi da littattafan sakandare, ga darussan bidiyo a waya. Awa huɗu nake samu a rana. Wanne zan fi riƙewa?"

Ƙanwata, fara duba siffar jarrabawar tukuna. Tambayoyi 180 ne cikin minti 120 a kan kwamfuta: 60 na Ingilishi, sai 40 a kowanne daga Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan. A cikin daƙiƙa 40 ɗin nan babu mai yi miki bayani, ke za ki ciro amsa daga kanki. A kayan aikinki uku, tsofaffin tambayoyi ne kaɗai suke sa ki yin wannan aikin, shi ya sa nake ba su kaso mafi tsoka. Amma tambaya ba ta koyar da abin da ba ki taɓa sani ba, nuna miki gurbin take yi. Cike gurbin aikin littafi ne, wani lokacin kuma na bidiyo.

Ga misali daga Kemistiri. An gasa giram 10 na dutsen farar ƙasa, wato CaCO₃, har ya tarwatse gaba ɗaya, ana tambayar yawan iskar CO₂ da za ta fita a s.t.p. Nauyin mol ɗaya na CaCO₃ giram 100 ne, wato 40 da 12 da 48. Giram 10 ya zama mol 0.1. Mol ɗaya na dutsen yana ba da mol ɗaya na iskar, kuma mol ɗaya na iska a s.t.p. yana cin 22.4 dm³. Amsa ita ce 2.24 dm³.

Ɗalibai uku za su iya faɗuwa wannan tambaya, kowacce da dalilinta. Ta farko ba ta ma san ma'anar s.t.p. ba, ba ta kuma san abin da dutsen ke komawa idan ya sha wuta ba. Wannan littafi take buƙata, ta karanta babin mol daga farko, ta yi misalan ciki da biro. Ta biyu ta haddace 22.4 ɗin, amma ta rasa dalilin da ya sa ake raba 10 da 100, kuma ta karanta shafin har sau biyu bai shiga ba. Ita ce bidiyo zai amfana, ta ga malami yana warware lissafin mataki-mataki a kan allo. Ta uku ta san komai, sai dai ta zaɓi 22.4 saboda gaggawa, ko ta ɓata minti uku kafin ta kai ga amsa. Idan wannan ta koma littafi ko bidiyo ta yi asarar lokaci. Maganinta ta yi irin tambayar guda ashirin da agogo a gabanta.

Don haka a makon farko ki ɗauki tambayoyi 40 na shekara ɗaya a kowane fanni, ki ba kanki minti 27, littafi a rufe. Duk wadda kika faɗi, ki rubuta a gefenta: ban sani ba, ban fahimta ba, ko gaggawa. Wadda kika ci da canke ki sa ta cikin waɗanda kika faɗi. Idan a Fiziks kin faɗi 18, kuma 11 daga ciki "ban sani ba" ne, to littafin Fiziks zai ci yawancin lokacin fannin na makonni biyu ko uku. Idan yawanci gaggawa ce, ki ajiye littafin.

Littafi ya fi sauran biyun cika da tsari, amma bai san abin da JAMB ta fi tambaya ba, kuma yana da girman da wata uku ba za su ishe ki gama guda uku ba. Ki samo silabas ɗin JAMB, ki karanta babin da kuskurenki ya aike ki gare shi kawai. A Bayoloji littafi ya fi nauyi, don yawancin fannin sani ne kai tsaye: rabe-raben halittu, sassan ƙwayar halitta, aikin ƙoda. Haka littafin labarin da hukumar ke sanyawa a Ingilishi, ki karanta shi da kanki, kada ki dogara da taƙaitawar wani.

Bidiyo kuwa shi na fi ji miki tsoro. Malami yana warwarewa kina gyaɗa kai, komai ya yi sauƙi, sai ki ɗauka kin iya alhali shi ne ya iya. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai da karanta nassi. Waɗanda suka yi ta maimaita karatu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako ɗaya waɗanda suka gwada kansu ne suka yi gaba. Kallon bidiyo ba tare da biro ba ɗan'uwan maimaita karatun nan ne. Wurinsa shi ne abin da ke motsi ko yake buƙatar kunne: rabuwar ƙwayar halitta, zanen tafiyar haske ta madubi, da sashen furucin Ingilishi inda ake tambayar gaɓar da ake dannawa a kalma. Ki tsayar da bidiyon kafin malamin ya ba da amsa, ki gwada tukuna. Yana ƙarewa ki yi tambaya goma a kan batun. Idan kin ci ƙasa da bakwai, darasin bai zauna ba.

Awa huɗu a kwana shida awa 24 ce a mako. Ga yadda zan raba miki. Makonni huɗu na farko, awa 10 tambayoyi, 10 littafi, 4 bidiyo. Daga mako na biyar zuwa na tara, tambayoyi su koma 14, littafi 7, bidiyo 3. Makonni ukun ƙarshe, awa 18 tambayoyi, ragowar 6 littafi da kundin kurakuranki, bidiyo sai in wani batu ya gagara. Ki lura, lokacin bitar amsoshi yana cikin kason tambayoyi, kuma ya fi amsawar tsawo. Tambayoyi 40 na minti 27 suna buƙatar bitar awa ɗaya, inda za ki gano dalilin da ya sa sauran zaɓi ukun ba daidai ba ne.

Abu biyu ke lalata tsofaffin tambayoyi. Na farko, amsoshin da ke bayan littattafan kasuwa ba duka ne daidai ba. Idan lissafinki ya saɓa da nasu, ki koma littafin fannin ko wurin malaminki kafin ki yarda. Na biyu, haddar amsa. Alamarta ki ci 35 a shekarar da kika taɓa yi, ki ci 20 a wadda ba ki taɓa gani ba. Saboda haka ki ware shekaru uku kada ki leƙa su sai makonnin ƙarshe, ki yi kowacce a zama ɗaya, tambaya 180 cikin awa biyu, a kan kwamfuta idan da hali. Idan hukumar ta buɗe jarrabawar gwaji kafin ta gaske, ki yi rajista, ko don hannunki ya saba da maɓallan.