Shaguna biyu, riba ɗaya: na bashi da na kuɗin kai

A ɗauki shaguna biyu a misali, kowanne mai shi ya zuba naira miliyan 10, kuma kowanne ya ci ribar miliyan 2 a shekara. A ido ɗaya suke: ribar kashi 20 cikin ɗari na jari. Lissafin DuPont, wata hanyar nazarin ribar jari, shi ne ke raba su, domin yana fasa wannan adadi gida uku: ribar da ke cikin ciniki, yawan juyawar kadara, wato sau nawa ciniki ya ninka kadara, da nauyin bashi, wato sau nawa kadara ta ninka jari. Ninka ukun ke ba da kashi 20 ɗin.

Na farko atamfa yake sayarwa, ba a bin sa ko sisi, don haka kadararsa daidai take da jarinsa, ninki 1 ke nan. Ya yi cinikin miliyan 20, wato ribarsa kashi 10 ce, kadararsa ta juya sau 2: 10 × 2 × 1 = 20.

Na biyu ɗan hatsi ne. Ya karɓo kaya bashi har kadararsa ta kai miliyan 40, ninki 4 na jarinsa. Cinikinsa miliyan 80, juyi 2 ke nan shi ma, amma ribar kashi 2.5 kacal: 2.5 × 2 × 4 = 20.

To, a ce farashin kaya ya karye, darajar kadara ta ragu da kashi 10. Mai atamfa ya rasa miliyan 1, ya sha da ƙyar amma yana tsaye. Mai hatsi kuwa miliyan 4 ta tafi, kusan rabin jarinsa, kuma masu bin sa bashi ba za su rage masa ko kwabo ba. Ni dai da za a ba ni zaɓin shiga hannun jari, wajen mai atamfa zan nufa.